Lambobi 240 a Layi Ɗaya: Yadda TEXTJOIN Ke Haɗe Jerin Excel, da Inda Yake Yin Tuntuɓe

Ranar Alhamis da la'asar shugaban makaranta ya leƙo ofis ya ce a sanar da iyayen yara cewa taron da aka sa ran Asabar ya koma Lahadi. A ɗauka makarantar Islamiyya ce irin wadda ake da ita a kowace unguwa, mai ɗalibai 240, kuma magatakardarta na da sunayen yaran da lambobin wayar iyayensu a cikin Excel. Sunaye a jerin A, lambobi a jerin B, aji a jerin C, kowane ɗalibi da layinsa, daga layi na 2 zuwa na 241. Komai tsaf. Matsalar ita ce shafin da ake tura saƙon tes na bai-ɗaya ba ya son lambobin a tsaye, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Akwati guda ya bayar, ya ce a zuba su duka a ciki, a raba kowace da 'yar'uwarta da waƙafi.

Abin da magatakarda da yawa ke yi a nan shi ne su kwafi lamba, su manna, su buga waƙafi, su koma su ɗauko ta gaba. Sau 240. Kafin a kai rabi an kira magariba, ido ya gaji, an tsallake lamba biyu an maimaita ɗaya, kuma babu wanda zai gane sai ranar Asabar da wani uba zai zo ya tarar da ƙofa a rufe.

Alhali aikin na layi ɗaya ne. A zaɓi wani gida da babu komai a ciki, a rubuta:

```
=TEXTJOIN(",",TRUE,B2:B241)
```

Ana danna `Enter` lambobin za su taru a gidan nan guda, a jere, da waƙafi a tsakaninsu.

Fomular na neman abu uku, kuma a wannan tsari take son su. Na farko shi ne alamar da za ta shiga tsakani, wadda ake sawa a cikin alamar zance. A nan waƙafi ne. Na biyu amsa ce ga tambaya guda: idan an tarar da gidan da babu komai, a tsallake shi? `TRUE` na nufin a tsallake, `FALSE` na nufin a ƙirga da shi. Na uku shi ne inda kayan suke, wato daga gida `B2` zuwa `B241`. Gidajen Excel kamar gidajen dara suke, kowanne ana gane shi da mahaɗar layin tsaye da na kwance, don haka `B2` na nufin jerin B, layi na biyu.

Akwai wata 'yar ƙwarewa da fomular ke yi a ɓoye wadda ta cancanci a ambata: alamar a tsakani kawai take sa ta. Ba ta barin waƙafi a gaban lambar farko, ba ta barin shi yana reto a bayan ta ƙarshe. Duk wanda ya taɓa haɗa jeri da tsohuwar hanya ya san ɓacin ran goge wannan waƙafin na ƙarshe da hannu.

Kafin a samu TEXTJOIN

Fomular ba tsohuwa ba ce. A 2016 kamfanin Microsoft ya fito da ita, da farko ga masu biyan kuɗin Office 365, sannan ta shigo cikin Excel 2019 da waɗanda suka biyo baya. Kafin nan abin da ake da shi `CONCATENATE` ne da alamar `&`, kuma dukansu sai an kira musu kowane gida da sunansa, an kuma rubuta alamar rabawa a kowane tsakani. Gida uku kawai ga yadda suke kamawa:

```
=B2&","&B3&","&B4
```

A lissafa wannan har gida 240. Tare da TEXTJOIN aka fito da wata mai suna `CONCAT`, wadda ke karɓar jeri gaba ɗaya, sai dai ba ta sa komai a tsakani. Cakuɗa su take yi kamar an zuba gero da dawa a buhu ɗaya. Tana da amfaninta, amma ba a aikin lambobin waya ba.

Wannan tarihin ya shafi mai aiki a yau kai tsaye, domin ofisoshi da shagunan buga takardu da dama har yanzu da Excel 2010 ko 2013 ko 2016 suke aiki. A can idan aka rubuta TEXTJOIN, `#NAME?` ne zai fito, ma'ana manhajar ba ta san wannan suna ba. Idan kuwa an yi aikin a sabuwar kwamfuta aka kawo shi tsohuwa a filasha, za a ga fomular ta koma `_xlfn.TEXTJOIN`. Sakamakon da aka taho da shi zai ci gaba da zama a gidan, har sai an taɓa wani abu da ya sa manhajar ta sake lissafi, sai ya rushe. Ba lalacewa fayil ɗin ya yi ba, tsohuwar manhaja ce ta haɗu da baƙon da ba ta sani ba.

Mai irin wannan kwamfuta yana da mafita biyu. Ko ya buɗe fayil ɗin a Google Sheets ko LibreOffice Calc, waɗanda kyauta ne kuma duk sun san TEXTJOIN, ko ya yi sarƙa. Sarƙar ita ce a sa `=B2` a gida `E2`, sannan a `E3` a rubuta wannan, a ja shi ƙasa har layi na 241:

```
=IF(B3="",E2,E2&","&B3)
```

Kowane gida na ɗaukar abin da na samansa ya tara ya ƙara nasa, don haka gidan ƙarshe ne ke ɗauke da jerin duka. Ba shi da kyan gani, amma yana aiki a kowace Excel.

Abin da ido ke gani da abin da ke cikin gida

A koma ofishin makarantar. Magatakarda ta rubuta fomular, layi ya fito, ta ji daɗi. Da ta duba da kyau sai ta ga wasu lambobin sun fara da 080, wasu kuwa da 80 kawai. Sifirin farko ya ɓace. Ta koma jerin B, ga shi kuwa kowace lamba da sifirinta a fili.

Nan ne ainihin abin da ya kamata mai amfani da wannan fomula ya riƙe. TEXTJOIN ba ta ɗauko abin da ido ke gani a gida, abin da ke ajiye a cikinsa take ɗaukowa. Sau da yawa abu biyun ɗaya ne. A lambar waya da kwanan wata da kuɗi, ba ɗaya ba ne.

Lambar wayar Najeriya alƙaluma 11 ce, kuma da sifiri take farawa. Excel kuwa idan aka buga masa alƙaluma zalla, adadi yake ɗaukarsu, kuma a lissafi sifirin da ke gaban adadi ba shi da aiki, sai ya jefar da shi. Wani da ya riga magatakardar aiki a fayil ɗin ya ga haka, sai ya yi dabara: ya shiga `Format Cells` ya umurci jerin da ya riƙa nuna alƙaluma 11 ko ta halin ƙaƙa. Sifirin ya dawo a fuska, amma riga ce kawai aka sa wa lambar. A ciki alƙaluma goma ne, kuma goman nan fomular ta kwaso. Waɗanda suka fito da sifirinsu su ne waɗanda aka shigar a matsayin rubutu tun farko, ko dai ta hanyar sa alamar `'` a gabansu, ko ta mayar da gidan `Text` kafin a buga.

Ana iya gane bambancin tun kafin a haɗa. A danna gidan a dubi dogon sararin nan na sama inda ake rubuta fomula. Abin da ya nuna shi ne gaskiyar gidan. Haka kuma, idan ba a taɓa tsarin jerin ba, rubutu na jingina da hagu, adadi na jingina da dama, kuma lambar da aka ajiye a matsayin rubutu takan ɗauki ɗan koren tabo a kusurwarta ta sama.

Kwanan wata ya fi ba da mamaki. Gidan da ke nuna 1 ga Janairu 2025, idan aka haɗe shi, 45658 zai fito, domin Excel ƙirga kwanaki yake yi tun daga farkon 1900, kwanan watan da ake gani riga ce a kan wannan adadi. Kuɗin da ke nuna ₦12,500 kuwa 12500 zai zama, babu alamar naira babu waƙafi. Maganin duka ukun fomula ce mai suna `TEXT`, wadda ke ɗinke rigar a jikin adadin ta mayar da shi rubutu na dindindin. `TEXT(B2,"00000000000")` na ba da lamba mai alƙaluma 11, `TEXT(F2,"dd/mm/yyyy")` na ba da kwanan wata yadda aka saba rubuta shi.

A gyara tukuna, sannan a haɗa

Masu son nuna gwaninta sukan cusa duk gyare-gyaren a cikin TEXTJOIN ɗin, fomula ɗaya doguwa mai baka a cikin baka. Yana yiwuwa, amma ba shi ne ya fi ba. Idan irin wannan ta yi kuskure, babu inda za a kama ta, tunda sakamakon layi ɗaya ne mai haruffa dubbai. Abin da ya fi shi ne a buɗe sabon jeri a gefe, a wanke lambobin a can, kowace a gidanta inda ido zai gan ta, sannan a haɗa wankakkun.

Shafukan tura saƙo da yawa sun fi son lamba da 234 a gaba, wato lambar ƙasa, babu sifirin farko. Wannan ya ma sauƙaƙa aikin, domin ko lamba na da sifiri ko ba ta da shi, alƙalumanta goma na ƙarshe ba sa canzawa. Magatakarda ta rubuta wannan a `D2`, ta ja shi har `D241`:

```
=IF(TRIM(B2)="","","234"&RIGHT(SUBSTITUTE(B2," ",""),10))
```

Daga ciki ake karanta ta zuwa waje. `SUBSTITUTE` na cire duk tazarar da ke cikin lambar, saboda akwai masu rubuta lamba kashi uku da tazara a tsakani. `RIGHT` na yanko alƙaluma goma daga dama. Sai a manna 234 a gaba. Farkon fomular kuwa mai gadi ne: idan gidan babu komai, a bar shi babu komai. Wanda ya manta da mai gadin nan zai tarar da 234 tsirara a duk inda ɗalibi ba shi da lamba, kuma TEXTJOIN za ta kwashe su da zuciya ɗaya, tunda a wurinta gidan ba fanko ba ne. Haka ma `TEXT` ke yi idan aka ba ta gida fanko, sifiri 11 take mayarwa.

Kalmar `TRIM` da ke cikin mai gadin tana da nata dalili. Akwai al'adar da ta zama ruwan dare a ofisoshi: mutum na son goge gida, maimakon ya danna `Delete` sai ya danna dogon maɓallin tazara ya wuce. Gidan ya yi fari fat a ido, amma akwai tazara ɗaya kwance a ciki. `TRUE` ɗin TEXTJOIN ba zai tsallake shi ba. Alamarsa a sakamako ita ce waƙafi biyu da ɗan sarari a tsakaninsu, kuma wasu shafukan kan ƙi karɓar jerin dukansa saboda wannan kaɗai. `TRIM` na share irin wannan tazara kafin a yi tambayar ko gidan fanko ne.

Yanzu sai a haɗa jerin D:

```
=TEXTJOIN(",",TRUE,D2:D241)
```

Saura tabbatarwa, kuma ba sai an karanta layin ba. A ce cikin ɗalibai 240, bakwai ba a da lambar iyayensu, saura 233. Kowace lamba yanzu haruffa 13 ce, uku na 234 da goma na asali. Sau 233 ya ba da 3,029. Waƙafi kuma 232 ne, ɗaya ƙasa da yawan lambobin. Jimla 3,261. Idan sakamakon na gida `G2`, sai a rubuta `=LEN(G2)` a gefe, wanda ke ƙirga haruffa. In ya ce 3261, tsawon kowace lamba ya cika. In ya ce 3260, akwai wata da aka buga da alƙalami ɗaya a rage, kuma ana iya farauto ta da sa `=LEN(D2)` a wani jeri a ja ƙasa, a nemi wadda ba 13 ba. Wannan gwaji na minti ɗaya ne, kuma shi ne bambancin wanda ya san abin da ya tura da wanda ya tura da fatan alheri.

Abin da gwajin ba zai kama ba shi ne lambar da ta yi yawa tun asali. Idan an buga alƙaluma 12 bisa kuskure, `RIGHT` zai yanko goma na ƙarshe ya ba da lamba mai cikakken tsawo wadda ba ta kowa ba ce, ko ta wani daban. Haka idan an cusa lambar uba da ta uwa a gida ɗaya, ta ƙarshen ce kawai za ta tsira. Waɗannan sai an duba jerin B ɗin kansa.

Zaɓen alamar rabawa

Waƙafi ba shi ne kaɗai ba, kuma mai karɓa ne ke yanke hukunci, ba mai turawa ba. Adiresoshin imel da za a zuba a Outlook waƙafi mai ruwa suke so, wato `";"`, yayin da Gmail ke karɓar waƙafi. Jerin da mutum zai karanta na son waƙafi da tazara, `", "`, amma wanda na'ura za ta karanta ya fi aminci babu tazarar.

Alamar ba lalle ta zama harafi ɗaya ba. Kalma ma na shiga. A nan Hausa ta samu gata, domin Bahaushe da "da" yake jera abubuwa. Idan gida huɗu na ɗauke da sunayen ɗaliban da suka ci gasar karatu:

```
=TEXTJOIN(" da ",TRUE,A2:A5)
```

sakamakon zai fito kamar "Musa da Ladi da Binta da Sani", jimlar da za a iya sawa a takardar sanarwa yadda take. A lura da tazarar da ke gaba da bayan kalmar a cikin alamar zance. In babu ita, "MusadaLadi" za a samu.

Wanda ke son kowane suna a layinsa amma duk a gida ɗaya, kamar jerin da za a manna a saƙon WhatsApp, sai ya sa `CHAR(10)` a gurbin alamar, ba tare da alamar zance ba. Wannan shi ne harafin da ba a gani mai cewa a sauka sabon layi. A Excel ba zai nuna aikinsa ba sai an kunna `Wrap Text` a gidan, abin da ke sa mutane da yawa su zaci bai yi ba. Kuma idan aka kwafi irin wannan gida aka manna a wata manhaja, wani lokaci yakan taho da alamar zance a farko da ƙarshe, sai an goge.

Ƙa'ida ɗaya ce ba a karya ta: kada alamar rabawa ta zama abin da ke cikin kayan da kansu. Idan adireshi ne ake haɗawa, kuma kowanne na da waƙafi a cikinsa tsakanin lambar gida da sunan titi da unguwa, to waƙafi ba zai nuna inda wani ya ƙare wani ya fara ba. Haka kuɗin da aka rubuta da waƙafin dubbai. A irin wannan sai a ɗauki alamar da ba ta bayyana a ko'ina, kamar `" | "`.

'Yan aji uku kawai

Washegari shugaban makaranta ya dawo da wata buƙatar: iyayen 'yan aji uku kaɗai za a kira. Dabarar da ke fara zuwa wa kowa ita ce a tace jadawalin da `Filter` har ya rage 'yan aji uku a fuska, a ɗauka fomular za ta bi. Ba za ta bi ba. Layukan da aka ɓoye na nan a cikin `D2:D241`, kuma TEXTJOIN na kwashe su duka. Wanda bai sani ba zai tura wa iyaye 233 saƙon da aka yi domin arba'in, ya kuma biya kuɗin kowanne.

Sharaɗin a cikin fomula ake sa shi:

```
=TEXTJOIN(",",TRUE,IF(C2:C241="Aji 3",D2:D241,""))
```

Ma'anarta, a bi jerin C layi-layi. Inda aka ga "Aji 3" a ɗauko lambar da ke jerin D, inda ba a gani ba a ba da fanko, sannan `TRUE` ya tsallake fankunan. Alamar zancen nan biyu na ƙarshe ba ado ba ne. In aka cire su, kalmar FALSE za ta cika layin a duk gurbin da sharaɗi bai cika ba. Kuma rubutun ajin sai ya zo iri ɗaya: "Aji 3" da "Aji3" da "Aji uku" abu uku ne a wurin Excel, ko da yake bai damu da babban harafi ko ƙarami ba.

A Microsoft 365 da Excel 2021 `Enter` kaɗai ya isa. A Excel 2019 sai an danna `Ctrl` da `Shift` da `Enter` tare, in ba haka ba sakamakon ya fito ba daidai ba ko ya ba da kuskure. A Google Sheets kuma sai an naɗe ɓangaren `IF` ɗin a cikin `ARRAYFORMULA`. Sheets na da wata ƙanwar fomular mai suna `JOIN`, mai neman alama da jeri kawai, amma ba ta tsallake gida fanko, don haka takan bar waƙafi a jere inda aka samu giɓi.

Sai batun maimaici. A makarantar unguwa, uba ɗaya na iya samun yara huɗu, lambarsa ta fito sau huɗu. Sabbin Excel, daga 2021 da kuma 365, da Google Sheets, suna da `UNIQUE` mai tace maimaici:

```
=TEXTJOIN(",",TRUE,UNIQUE(D2:D241))
```

Wannan ma wani dalili ne na wanke lambobi tukuna. A jerin B, lamba ɗaya da aka rubuta sau ɗaya da sifiri, sau ɗaya babu, sau ɗaya da tazara, lamba uku ce a idon `UNIQUE`. A jerin D ne kawai suka zama abu ɗaya.

Iyaka, da sauran wuraren tuntuɓe

Gida ɗaya na Excel ba ya ɗaukar fiye da haruffa 32,767. Idan abin da aka haɗa ya zarce haka, TEXTJOIN ba ta yanke shi ta ba da rabi, `#VALUE!` take nunawa. Ga lambobi masu 234 da waƙafi, kowace na cin haruffa 14, don haka 2,340 ne iyakar abin da zai shiga. Makarantar nan ba ta kusa da wurin ba, amma ƙungiyar manoma ko ta 'yan kasuwa mai mambobi dubu biyar sai ta raba jerin gida uku, kowane kashi da fomularsa.

Gida ɗaya mai kuskure kuma na ɓata layin duka. In akwai `#N/A` a ko'ina cikin jerin, shi kaɗai zai fito a sakamako. Ana iya rufe shi da `IFERROR`, amma gara a je a ga abin da ya jawo shi, don mai yiwuwa lambar wani ce ta salwanta a wurin.

Akwai kuskuren da ba na fomular ba ne, na hanyar da ta biyo ne. Wanda aka turo wa fomula a saƙon waya, ko ya kwafo ta daga takardar Word, sau da yawa alamar zancen ta rikiɗe ta zama mai lanƙwasa, Excel kuwa miƙaƙƙiya kawai ya sani. Fomular za ta yi daidai a ido amma ta ƙi aiki. A goge alamomin a sake buga su da hannu.

Masu aiki a Maradi ko Damagaram ko Yamai, inda kwamfutocin ofis da yawa ke da Excel na Faransanci, za su tarar da fomular da wani suna, kuma waƙafi mai ruwa ne ke raba sassanta:

```
=JOINDRE.TEXTE(",";VRAI;D2:D241)
```

Waƙafin da ke cikin alamar zance bai canza ba, tunda shi kaya ne ba nahawun fomula ba. Fayil ɗin da aka yi a Kano aka buɗe a can zai fassara sunan fomular da kansa. Wanda zai buga da hannu ne ke buƙatar sanin bambancin. Lambar Nijar kuma alƙaluma takwas ce, lambar ƙasa 227, don haka a fomular wankewa 234 zai koma 227, goma ta koma takwas.

Mataki na ƙarshe shi ne fitar da layin. Abin da ke gida `G2` fomula ce mai rai: aka canza lamba a jerin B, sakamakon ya canza nan take, wanda alheri ne ga jerin da ake sabuntawa kowane zango. Idan za a manna shi a shafin tura saƙo, kwafa da mannawa sun isa, rubutun ne zai tafi. Idan kuwa za a kai shi wani gida ko wani fayil na Excel, ko za a aika wa mai tsohuwar kwamfuta, sai a bi ta `Paste Special` a zaɓi `Values`, don ya daskare ya zama rubutu zalla. Magatakardar ta yi haka ta ajiye kwafi ɗaya da kwanan watan ranar a gefensa, sannan ta buɗe sabon layi a ƙasan jadawalin ta rubuta sunayen yara bakwai ɗin da ba su da lamba, domin a ba su takarda su kai gida da hannu.